Sharhi: Yadda ɗan kasuwa zai warware saƙon yarjejeniyar hayar shago

A manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa a Kano, an daɗe ana kama hayar shago da baki. Mai gini da mai son shago su zauna a gaban dillali da dattijo ɗaya ko biyu, a faɗi kuɗi, a faɗi wata, a yi musafaha, sai a miƙa makulli. Yanzu abin ya sauya salo. Ɗan kasuwa yana tsakiyar ciniki sai saƙo ya shigo masa ta WhatsApp daga mai gini ko wakilinsa, dogo, da Turanci, an jera masa lambobi daga ɗaya zuwa tara ko goma sha biyu, a ƙarshe an ce ya amsa kafin Juma'a ko a ba wani. Da yawa sukan duba wuri ɗaya tak, wato inda aka rubuta kuɗin haya, su tura kuɗin. Sauran layukan sai ranar da rigima ta tashi ake karanta su.

Ruɗanin da ke tsakanin jama'a iri biyu ne. Wasu na ganin saƙon waya ba takarda ba ne, don haka bai ɗaure kowa ba. Wasu kuma na ganin duk abin da mai gini ya rubuta ya zama doka, ko da ya ce zai garƙame shago da kaya a ciki. Duka biyun akwai kuskure a cikinsu.

Kalmomin da ya kamata a fara rarrabewa

Yarjejeniya ita ce abin da mutum biyu suka amince a kai, kowa ya ɗauki nauyin wani abu a madadin abin da zai samu. Ta haya, malaman fiƙihu suna kiranta ijara, wato sayar da amfanin abu na wani lokaci ba tare da sayar da abin kansa ba. Sharaɗi shi ne kowane layi mai lamba a cikin saƙon. Wa'adi shi ne tsawon lokacin hayar. A nan za a riƙa cewa "mai gini" ga wanda ya mallaki wurin, "ɗan haya" ga ɗan kasuwar da ke ciki, domin "mai shago" a bakin mutane tana iya nufin kowannensu.

Notis kalmar aro ce daga Turanci, tana nufin sanarwa a rubuce cewa haya za ta ƙare ko a tashi. Kuɗin ajiya, wanda wasu ke kira kuɗin kaushin, kuɗi ne da ake riƙewa don gyaran ɓarnar da ɗan haya zai iya yi, kuma asalinsa na ɗan haya ne har sai an nuna ɓarnar. La'ada ta dillali ce ko ejan, wato wakilin da ya haɗa cinikin. Kuɗin lauya kuwa na rubuta takardar ne. Waɗannan biyun ba sa dawowa.

Shin saƙon waya yana ɗaure mutum?

A dokar Nijeriya, yarjejeniya tana ƙulluwa idan an yi tayi, an karɓa, kuma akwai abin da kowane ɓangare ya bayar. Ba dole sai an buga ta a takarda mai hatimi ba, in dai hayar gajera ce. Wadda ta wuce shekara uku ita ce ake buƙatar a rubuta ta a cikakkiyar takarda irin ta lauyoyi. Game da hujja kuwa, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar abin da ya fito daga kwamfuta ko waya, muddin an cika ƙa'idojin gabatar da shi. Saboda haka saƙon WhatsApp yana iya zuwa gaban alƙali a karanta shi layi-layi.

Abin da ya fi kama ƙananan 'yan kasuwa shi ne yadda ake karɓar tayi ba tare da an lura ba. Mutum ya ga saƙo mai sharuɗɗa tara, ya rubuta "to, ba damuwa," ko ma bai ce komai ba ya tura kuɗi ya karɓi makulli. Wannan aikin nasa ana iya ɗaukarsa a matsayin amincewa da dukkan taran, har da waɗanda bai karanta ba. Ƙa'idar da kotuna ke bi ita ce wanda ya sa hannu a takarda ta ɗaure shi, ya karanta ko bai karanta ba, sai idan an yaudare shi. Don haka amsar farko da ta dace ita ce: "Alhaji, na ga saƙo, zan duba in dawo maka da amsa." "Na gani" daban, "na yarda" daban.

Akwai kuma maganar baki. Sau da yawa ɗan haya zai kira mai gini ya ce sharaɗi na kaza ya yi tsauri, a ce masa, "Haba, lauya ne ya rubuta, mu ai 'yan'uwa ne, ba za a yi maka haka ba." Wataƙila har zuciyarsa haka yake nufi. Amma sashe na 128 na Dokar Shaida ya tanadi cewa idan an rubuta yarjejeniya, ba a kawo maganar baki don a sauya abin da ke rubuce, sai a wasu 'yan wurare da aka keɓe. Ga shi kuma mai gini yana iya sayar da ginin, ko ya rasu magada su gaje shi, su kuwa rubutun kawai suka sani. Duk sassaucin da aka yi da baki, a nemi a maimaita shi a rubuce, ko da layi ɗaya ne a cikin wayar.

Misali: saƙo mai sharuɗɗa tara

A ɗauki mai sayar da atamfa da shadda da aka aiko wa saƙo irin wanda aka saba gani. Ga abin da ke ciki idan aka mayar da shi Hausa. Na ɗaya, haya ta shekara ɗaya ce, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba 2026, a kan naira 600,000 da za a biya gaba ɗaya kafin shiga. Na biyu, kuɗin ajiya naira 60,000, la'ada kashi 10 cikin ɗari, kuɗin lauya kashi 5 cikin ɗari. Na uku, naira 5,000 duk wata na gadi da shara, kuma ɗan haya ne zai biya wuta da duk wani haraji da hukuma za ta ɗora wa shagon. Na huɗu, ɗan haya zai kula da gyaran shagon, ya mayar da shi cikin kyakkyawan yanayi. Na biyar, ba zai sauya komai a ginin ba sai da izini a rubuce, kuma duk abin da ya kafa ya zama na mai gini. Na shida, ba zai ba wani haya ko ya raba shagon da kowa ba, kuma yadi kawai zai sayar. Na bakwai, idan yana son sabuntawa zai sanar a rubuce wata uku kafin wa'adi ya cika, ya biya sabon kuɗin da mai gini ya yanke wata ɗaya kafin ƙarshen shekara. Na takwas, jinkirin biya yana jawo ƙarin kashi 5 cikin ɗari na kuɗin haya a kowane wata. Na tara, duk da abin da ke sharaɗi na ɗaya, idan ɗan haya ya saɓa wa kowane sharaɗi, mai gini zai iya ba shi kwana 14, ya shiga ya rufe shagon, kuma ba a mayar da ko kwabo.

Hanyar warware irin wannan saƙo ita ce a yi wa kowane sharaɗi tambaya biyar: a kan wa nauyin yake, me zai yi, yaushe, nawa ne, kuma me zai biyo baya idan bai yi ba. Inda ɗaya daga cikin biyar ɗin ta rasa amsa, nan ne ramin yake. Sharaɗi na biyu, alal misali, ya faɗi kuɗin ajiya amma bai faɗi ranar mayar da shi ba, bai kuma faɗi wanda zai ƙiyasta ɓarna ba. Na bakwai ya ce a biya sabon kuɗi amma bai faɗi nawa ba, bai kuma sa masa iyaka ba.

Wanda zai karanta wa ɗan kasuwa saƙon Turanci ya lura da 'yan ƙananan kalmomi da ke juya ma'ana. Inda aka ga *shall*, dole ake nufi. Inda aka ga *may*, zaɓi ne, wanda aka ba shi yana iya yi ko ya bari. Idan aka ƙirga su a irin waɗannan saƙonni, galibi za a tarar ta farko tana bin sunan ɗan haya, ta biyu tana bin sunan mai gini. Sai kuma *notwithstanding*, wadda ke nufin "duk da abin da aka faɗa a baya." Sharaɗin da ya fara da ita yana danne wanda ya ambata. A misalinmu, da ita sharaɗi na tara ya rinjayi na ɗaya, har shekarar da aka biya kuɗinta ta zama abin da za a iya yankewa cikin mako biyu.

Lissafin kuɗin da ke ɓoye a cikin layuka

Ɗan kasuwar nan ya ji 600,000 ya raba gida goma sha biyu, ya ce shagon naira 50,000 ne a wata. Amma kafin ya karɓi makulli zai fitar da 600,000 na haya, 60,000 na ajiya, 60,000 na la'ada da 30,000 na lauya, jimla 750,000. Gadi da shara za su ci ƙarin 60,000 a shekara, ya zama 810,000 ke nan, wato 67,500 a wata. Ko da an dawo masa da kuɗin ajiyarsa cif, ya tsaya a 62,500 a wata, kuma ba a sa wuta da haraji ba. Wannan adadin ne ya kamata ya auna da ribar da yake samu a kan turmin atamfa, ya ga turmi nawa zai sayar kafin shagon ya biya kansa.

Maganar "duk wani haraji" tana bukatar a tsaya a kanta. Akwai kuɗin da ke bin sana'a, irin na rajistar wurin kasuwanci da na allon talla da na hukumar kasuwa, waɗannan a al'ada na ɗan haya ne. Akwai kuma wanda ke bin ƙasa da gini, irin kuɗin ƙasa da mai takardar mallaka ke biyan gwamnati, wannan asalinsa na mai gini ne. Sharaɗi na uku yadda aka rubuta shi ya tattara su duka ya ɗora wa ɗan haya. Gyaransa shi ne a lissafa su da suna. Haka wuta: a karanta mita ranar shiga, a ɗauki hotonta, a kuma tabbatar babu tsohon bashin kamfanin wuta a kanta, don bashin wanda ya tashi yakan zauna a kan mita ya jira wanda ya shigo.

Wa'adi da notis, inda aka fi yin kuskure

Kusan kowane ɗan kasuwa ya taɓa jin cewa mai biyan haya shekara-shekara ba a tashinsa sai an ba shi notis na wata shida. Maganar tana da tushe. Dokar karɓar gini ta Abuja, da makamantanta a jihohi, da Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, sun tsara cewa mai hayar mako a ba shi mako ɗaya, mai hayar wata a ba shi wata ɗaya, mai hayar wata uku a ba shi wata uku, mai hayar shekara a ba shi wata shida. Bayan wannan ya cika sai a ba shi notis na biyu na kwana bakwai, mai sanar da shi cewa za a je kotu.

Sai dai akwai abu biyu da ba a cika faɗa wa mutane ba. Na farko, wannan tsari yana aiki ne inda yarjejeniya ta yi shiru. Idan ɓangarorin biyu sun rubuta wani tsawon notis dabam, kotu abin da suka rubuta take bi. Wanda ya amince da notis na wata ɗaya ya sauke wa kansa wata shidan da hannunsa.

Na biyu ya fi wannan muhimmanci. Haya ta shekara-shekara dabam take da haya mai ƙayyadadden wa'adi. Ta farko tana zagayowa da kanta duk shekara har sai wani ya ba da notis. Ta biyu kuwa, wadda aka ce daga rana kaza zuwa rana kaza, tana mutuwa da kanta ranar da aka ambata. Saƙon misalinmu irin ta biyu ce. Ranar 31 ga Disamba 2026 hayar ta ƙare, kuma mai gini ba ya bukatar ba da wata shida, notis ɗin kwana bakwai kawai ya rage masa kafin ya shigar da ƙara. Duk kwanakin da ɗan haya ya ƙara a ciki bayan haka, kotu na iya sa shi ya biya kuɗin zamansu.

Nan ne sharaɗi na bakwai ya zama mafi nauyi a cikin taran, duk da ba a ambaci ko sisi a cikinsa ba. Wata uku kafin 31 ga Disamba shi ne 30 ga Satumba. Ɗan kasuwar da ya bari har Nuwamba, lokacin da ya saba fara tara kuɗin haya, ya riga ya rasa damar sabuntawa a rubuce, ya koma roƙo. Ga wanda ya shekara yana tara kwastomomi a layi ɗaya, asarar wurin ta fi ƙarin haya ciwo. Kuma ko ya sanar a kan lokaci, "kuɗin da mai gini ya yanke" ba alkawarin farashi ba ne. Abin da ya kamata a nema shi ne a sa iyaka, a ce ƙari ba zai wuce kashi kaza ba, ko aƙalla a wajabta wa mai gini faɗin sabon kuɗin kafin ranar da ɗan haya zai ba da amsa.

Gyara, gobara da kanta

"Zai kula da gyaran shagon" magana ce mai faɗi. A al'adar haya, ƙananan abubuwa na ciki irin su kwan fitila, makulli da fenti suna kan ɗan haya, rufi da bango da magudanar ruwa suna kan mai gini. Sharaɗi na huɗu bai raba ba. A ƙa'idar shari'ar Ingila da kotunan Nijeriya suka gada, wanda ya ɗauki alkawarin gyara ba tare da togaciya ba ana iya binsa gyaran har bayan gobara, kuma kuɗin haya bai faɗi don gini ya ƙone ba, sai idan an rubuta hakan. Duk wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya san wannan ba tsoron banza ba ne. Fiƙihun Malikiyya ya bi wata hanya, domin a wurinsa idan abin da aka yi hayarsa ya halaka, ijara ta warware, kuma ba a bin ɗan haya kuɗin lokacin da bai amfana ba. Tun da ba a san gaban wace kotu maganar za ta je ba, mafita ita ce a ƙara layi biyu: a cire tsufan gini na yau da kullum da gobara da ambaliya daga nauyin ɗan haya, a kuma ce haya za ta tsaya ko a mayar da ragowarta idan shagon ya daina amfanuwa.

Sharaɗi na biyar ya shafi jari kai tsaye. Mai yadi yakan kashe kuɗi mai yawa a kanta da gilashi da fanka da ƙofar ƙarfe. Inda ba a rubuta komai ba, ɗan haya yana da damar cire kayan sana'arsa kafin wa'adi ya ƙare, ya gyara inda ya huda. Wannan sharaɗi ya ɗauke damar. Sai a nemi a rubuta cewa kanta da gilashi da fanka nasa ne.

Na shida ma yana da tarko. A kasuwanninmu abu ne sananne mutum ya ba ƙaninsa gefe, ko ya bar mai tebur ya kafa a bakin ƙofa yana ba shi wani abu. A idon wannan sharaɗi hakan raba shago ne, kuma ya isa a ɗaga sharaɗi na tara a kansa. In da niyyar yi, a nemi izini tun farko da sunan mutumin.

Tara da rufe shago: inda ra'ayoyi suka rabu

Masu gini suna da hujjarsu, kuma adalci ne a ji ta. Suna cewa siminti da rodi sun yi tsada, darajar naira na zubewa, kuma fitar da ɗan hayar da ya ƙi biya ta hanyar kotu yana cin watanni. Sharuɗɗa masu tsauri, a ganinsu, su ne ke sa mutum ya biya a kan lokaci. 'Yan haya kuma suna cewa ba a zauna da su an tsara takardar ba, an miƙo musu ita ne a lokacin da ba su da zaɓi.

Game da tarar jinkiri, kashi 5 na 600,000 shi ne 30,000 a wata, wata biyu 60,000. Kotunan Nijeriya suna bambanta diyyar da aka ƙiyasta bisa asarar gaske da kuɗin da aka sa don tsoratarwa kawai, kuma ba sa tilasta biyan na biyun. Amma alƙali ne zai tantance wanne ne wanne, bayan an sha wahalar shari'a. Ta fuskar addini kuwa, malamai suna ɗaukar ƙari a kan bashi saboda jinkiri a matsayin riba, kuma kuɗin hayar da lokacin biyansa ya yi bashi ne. Wannan ya isa dalilin da Musulmi biyu za su cire sharaɗin, su maye gurbinsa da 'yan kwanakin rangwame da notis.

Rufe shago kuwa hukuncinsa a fili yake. Ko an rubuta a yarjejeniya, mai gini ba shi da ikon fitar da ɗan haya da ƙarfi, ko cire ƙofa, ko ƙara kwaɗo a kan na ɗan haya, ko zubar da kaya waje. Hanya ɗaya ce: notis, ƙara, hukunci, sannan ma'aikatan kotu su zartar. Kotun Ƙoli ta yi kakkausar magana a kan ɗaukar doka a hannu a shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu a 1986, inda gwamnati ce da kanta ta fitar da mutum daga gida alhali magana tana gaban kotu. Wanda aka garƙame wa shago yana iya neman diyya. Sai dai kada wannan ya sa a raina sharaɗi na tara. Ɓangarensa na kwana 14 da na ƙin mayar da kuɗi suna iya zama makami a kotu, kuma diyyar da za a samu bayan shekara ba ta dawo da cinikin sallar da ya wuce shago na kulle.

Jerin nauyin da ke kan ɗan hayar

Bayan an warware saƙon, sai a rubuta nauyin a takarda ɗaya bisa lokaci, ba bisa lambobin lauya ba, a manna ta a cikin littafin ciniki. Na misalinmu zai fito kamar haka:

- Kafin 1 ga Janairu 2026: biyan naira 750,000, da karɓar rasit dabam ga kowane kashi, mai ɗauke da lambar shago da wa'adin da aka biya.
- Ranar shiga: hoton bango, rufi, ƙofa da mita, a tura wa mai gini don kwanan wata ya zauna.
- Duk wata: naira 5,000 na gadi da shara, da kuɗin wuta.
- Kafin kafa kanta ko shigo da wani: izini a rubuce.
- Kafin 30 ga Satumba: sanarwar sabuntawa a rubuce, tare da shaidar cewa ta isa.
- Kafin 30 ga Nuwamba: sabon kuɗin haya.
- Ranar 31 ga Disamba, idan ba a sabunta ba: fita, miƙa makulli a gaban shaida, da neman naira 60,000 na ajiya.

A gefe guda kuma a jera abin da ke kan mai gini. A saƙon nan za a tarar kusan babu komai, kuma wannan kansa amsa ce. Abin da ya kamata a ƙara masa shi ne gyaran rufi da bango, barin ɗan haya ya yi sana'arsa ba katsalandan, sanarwa kafin ya shigo duba shago, da ranar mayar da kuɗin ajiya. A kuma tabbatar wanda ya aiko saƙon yana da ikon bayar da shagon. A kasuwannin gwamnati, sau da yawa wanda ake kira mai shago shi ma riƙo yake daga hukumar kasuwa, a gidajen gado kuma ɗaya daga cikin magada yana iya karɓar kuɗi sauran su ce ba da yawunsu ba.

Ga 'yan kasuwar Nijar, Kamaru da Chadi

Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram kada ya ɗauki lissafin Kano ya yi aiki da shi. Nijar da Kamaru da Chadi suna bin dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta ƙungiyar OHADA, wadda aka sabunta a 2010, kuma ta fi ba mai hayar wurin sana'a kariya. Wanda ya yi shekara biyu yana sana'arsa a wuri bisa sharuɗɗa yana da haƙƙin a sabunta masa, idan mai gini ya ƙi ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba sai ya biya shi diyyar tashi. Amma a haya mai ƙayyadadden wa'adi dole ya nemi sabuntawar aƙalla wata uku kafin ƙarshe, ta hanyar da ke barin shaida, in ba haka ba haƙƙin ya faɗi.

Kafin a tura amsa

Wanda ba ya karanta Turanci ya nemi wanda zai fassara masa saƙon gaba ɗaya, kuma kada ya zama dillalin da la'adarsa ta rataya a kan a ƙulla cinikin. Lauyan da aka karɓi kashi 5 dominsa ma na mai gini ne, ko da daga aljihun ɗan haya kuɗin ya fito. Akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta wajabta wa marubucin takarda ya sa sunansa da adireshinsa, ya kuma tabbatar an karanta wa mutumin an fassara masa kafin ya sa hannu ko ya dangwala, don haka a nemi a rubuta wannan bayani a ƙasan takardar. Shugabannin ƙungiyar layi ko ta kasuwa sukan san abin da aka saba biya da abin da ya wuce ƙima, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Nijeriya tana da ofisoshi a jihohi don marasa ƙarfi.

Amsar da za a mayar ta kasance da ladabi kuma da lambobi: "Alhaji, na amince da na ɗaya. Ina roƙon a gyara na biyu, na uku, na huɗu, na biyar da na bakwai kamar haka, a rubuta mini izinin ƙanina a na shida, a cire na takwas, a mayar da na tara ya bi hanyar kotu." Wannan sabon tayi ne, kuma babu abin da ya ƙullu sai mai gini ya amsa. Idan an daidaita, a buga saƙon ƙarshe a takarda, kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa, domin waya tana ɓata kuma saƙo yana gogewa. Ɗan kasuwa ya riƙe kuɗinsa a hannu har sai wannan takardar ta fito.